Jawabin ranar Asabar: in faɗi ta inda ake ɗaukar HPV ko in tsallake?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga Sista. Shugabar ƙungiyar matan unguwarmu a Tudun Wada ta ɗora min jawabi ranar Asabar bayan la'asar, a kan gwajin sankarar bakin mahaifa. Kun san ni malamar firamare ce, ba ma'aikaciyar lafiya ba. Abin da ya ja min shi ne na je an yi min gwajin bara, na dawo na cika wa kowa kunne. Minti 20 aka ba ni, matan za su kai 60, daga amaren bana har masu jikoki. Inda na maƙale shi ne maganar ƙwayar HPV, wadda take kawo wannan sankarar. In na ce ta saduwar aure ake ɗauka, akwai gidaje uku da na sani kishiyoyi za su zauna a tabarma ɗaya, kowace za ta fara kallon 'yar'uwarta. In kuma na tsallake, ji nake kamar na ɓoye gaskiya. Ya zan yi?

Anti Ladi Samaru: Wa alaikumus salam. Ki tsallake kawai. Ki ce ciwo ne daga Allah, a je a yi gwaji, shi ke nan. Kina ambatar saduwa kin kashe taron, babu wadda za ta je asibiti a ce ga ta can ta je gwajin ciwon 'yan bariki.

Amaryar Kongo: Ni ai na yi nawa tuni. Wata biyu da suka wuce aka yi min sikanin, likita ya ce mahaifata lafiya lau, ko faiburod babu.

Sista: Wa alaikumus salam. Bari in fara da Amarya, domin kuskuren da ta yi shi rabin matan da za ki tarar ranar Asabar za su yi. Amarya, sikanin yana ganin jikin mahaifa da ƙwai da tsiro irin faiburod. Ba ya ganin abin da muke nema. Canjin da ke zuwa kafin sankara a fatar bakin mahaifa yake, shimfiɗe a samanta, bai da kaurin da na'urar za ta kama. Sai an buɗe an duba wurin da ido, ko an shafo an kai ɗakin gwaji. Don haka ba ki yi ba tukuna. Shekarunki nawa?

Amaryar Kongo: 24 Sista. To ni wallahi na ɗauka duk ɗaya ne.

Sista: To ba gaggawa a kanki in ba ki ganin wata alama. Hukumar Lafiya ta Duniya daga shekara 30 ta ce a fara, mai ɗauke da ƙanjamau kuma daga 25.

Maman Ilham, ni a ganina kada ki buɗe da maganar saduwa, kuma kada ki ɓoye ta. Ki buɗe da maganar lokaci, domin ita ce matanmu ba su sani ba. Daga ranar da ƙwayar ta zauna a bakin mahaifa zuwa ranar da za ta zama sankara, yawanci shekara 15 zuwa 20 ne ga mace mai ƙarfin garkuwar jiki. A duk tsawon shekarun nan babu ciwo, babu jini, babu wari. Mace tana haihuwarta, tana aikin gidanta, tana zuwa biki. Fatar wurin ce kawai take canzawa a hankali, kuma a wannan matakin ba sankara ba ce, tabo ne da ake ƙonawa cikin ƙasa da minti ɗaya ta tashi ta koma gida. Gwajin nan na mai lafiya ne. Wadda ta jira sai ta ji ciwo, ba ta zo gwaji ba, ta zo jinya. In matan nan 60 suka tashi da wannan kaɗai a kansu, kin gama aikinki.

Maman Ilham: Na rubuta wannan. Amma dole wata ta ɗaga hannu ta ce me ke kawo shi. Na san ma wadda za ta yi tambayar.

Maman Biyu: Ai amsar a fili take. Ciwon masu yawan maza ne da masu amfani da bandakin haya. Mace mai kamun kai da tsafta ba ruwanta da shi. Ni dai haka na ji a wani shirin rediyo.

Sista: Maman Biyu, rabi kika ji. Gaskiya ne yawan abokan saduwa yana ƙara haɗari. Amma maganar bandaki ki ajiye ta, ba ta nan ake ɗauka ba, taɓawar fata da fata ce a wajen kusantar aure. Maganar kamun kai kuma ita ce take kashe mana mata. Ƙwayar nan ta yaɗu a duniya har kusan duk wanda ya taɓa saduwa, mace ko namiji, zai gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwarsa bai sani ba. Wajen tara cikin goma jikinsu yake kore ta da kansa cikin shekara biyu, ba magani ba komai. 'Yan kaɗan ne take zaune musu, su ne muke nema da gwaji. Na karɓi haihuwar mata da aka aurar suna 'yan shekara 15, ba su taɓa sanin wani namiji ba sai mijinsu, daga baya na gan su da wannan ciwon. In kika ce wa irin wannan mata ciwon marasa kamun kai ne, za ta ce to ni ba ruwana, ta zauna a gida.

Anti Ladi Samaru: To Sista ai kin dawo kan maganata. In mace ba ta san kowa ba sai mijinta, daga ina ta samo? Daga shi. Shi kuma daga ina? Nan take uwargida za ta ce bazawarar da ya auro ce ta kawo mana. Ke kina asibiti, mu muke cikin gidajen.

Sista: Anti, ban raina tsoronki ba, na ga irin rigimar da idona. Amma ga abin da nake gaya wa duk wadda sakamakonta ya nuna ƙwayar: gwajin ba ya faɗin yaushe ta shiga, ba ya faɗin daga wa. Tana iya kwanciya shiru shekaru masu yawa sannan ta bayyana. Mace na iya shigowa da ita daga auren fari, miji na iya ɗauko ta daga matar da ya rabu da ita tun kafin ya san wannan amaryar, duk ta hanyar halal. Kuma maza ba a yi musu gwajinta a asibiti yadda ake yi wa mata, balle a ce a kamo mai laifi. Wadda ta tashi neman wanda ya kawo, ba likitan da zai iya ba ta amsa.

Anti Ladi Samaru: Wannan bayanin a ɗakin asibiti, ke da mace ɗaya, yana shiga. A gaban mutum 60 da surutun yara, kalma ɗaya za su ɗauka su tafi da ita. Ni dai ina nan a kan bakana.

Malama: Ku ba ni dama. Ni na fi karkata ga a faɗa, amma a faɗa da lafazin da muke karantar da babin wanka da haila, ba wanda yake jin kunyarsa a aji. Maman Ilham, ki ce ƙwaya ce da take wucewa tsakanin ma'aurata, kusan kowane gida ta taɓa shiga ta fita, kuma samunta ba shaidar alfasha ba ce. Ki ƙara da cewa zargin wata a kan abin da likita ma bai iya tabbatarwa ba, zato ne, kuma kowa ta san hukuncin zato. In ba ki faɗa ba, ranar da wata ta ji a bakin nas ko a waya, za ta ce ashe ɓoye mana aka yi, lallai akwai abin kunya a ciki. Wannan ya fi muni.

Hajiya Babba: Ina karanta ku tun ɗazu, hannuna ne ba ya sauri. Maman Ilham 'yata, ki ba su labarin yayata, Allah ya jiƙanta, ba sai kin faɗi suna ba. Ta haifi tara. Al'adarta ta ɗauke ta kai shekara huɗu, sai jini ya dawo, ɗan kaɗan, yau a gani gobe babu. Ta ce istihala ce, tana alwala tana sallarta. Da ruwa mai wari ya fara, aka ce sanyi ne. Mai kemis na bakin layinsu ya yi ta ba ta kafso da na matsi, wata mai magani ta haɗa mata na tsuguno da bagaruwa. Wari ya lafa sati biyu ya dawo. Haka aka ci wajen shekara biyu. Ba ta gaya wa 'ya'yanta maza ba don kunya, ni ma sai da na ga tana raba ɗaki da jikokinta, tana ta turare, sannan na matsa mata. Da muka kai ta asibitin koyarwa na Shika, likitocin suka ce ya wuce aiki, ya taɓa mafitsara, sai dai gashi da allurai. An yi, an sayar da gonarta ta gado, ta ɗan samu sauƙi, bayan wata goma sha ɗaya ta rasu. Abin da yake ci na har yau, wani likita ya tambaye ni ko an taɓa duba bakin mahaifarta, na ce haihuwa tara, bakwai a gida, wa zai duba?

Maman Ilham: Allahu akbar. Allah ya jiƙanta ya sa ciwon ya zama kaffara. Hajiya na gode, zan ba da shi yadda kika faɗa.

Malama: Amin. Wannan ta shafe ni kai tsaye, domin mu ne muke karantar da istihala. Hukuncin da muke faɗa na sallah ne da azumi: jinin ba ya hana ibada. Ba mu taɓa cewa ba ya buƙatar asibiti ba, amma na yarda ba ma ƙarawa da cewa a je. Alhali da Hausa ma jinin ciwo muke ce masa. Daga wannan makon zan riƙa haɗawa.

Sista: Allah ya saka, Malama. Maman Ilham, alamomin da za ki faɗa kada su wuce waɗanda ke cikin labarin Hajiya da ƙari biyu: jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, da ruwa mai wari da ya ƙi jin maganin sanyi. Amma ki raba musu zance biyu. Mai alama ba ta jiran ranar gwajin kyauta ko cikar shekara 30, likitan mata za ta gani yanzu. Marar alama ita ce ta gwaji.

Maman Biyu: To shi gwajin ya ake yi? Ni abin da ya hana ni, an ce wani ƙarfe ake tura wa mutum a yanko nama.

Maman Ilham: Wannan ni zan amsa tunda an yi min. Ba a yanki komai ba. Na kwanta kamar awon ciki, nas ɗin mace ce, ta sa abin buɗewa, akwai sanyi da ɗan takura amma ba zafi ba. Ta haska fitila, ta shafa wani ruwa da auduga, ta ce mu jira minti ɗaya. Ɗan yaji-yaji na ji kaɗan. Ta duba ta ce ba komai, in dawo bayan shekara uku. Cire zani da ɗaurawa sun fi gwajin daɗewa. Layin karɓar kati ne ya ci min safiya.

Sista: Ruwan nan ɗan'uwan ruwan kal ne na girki, mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, a kati za ki ga an rubuta VIA. Inda fata ta fara canzawa yakan yi fari idan ruwan ya taɓa shi. Kada dai wata ta ji haka ta gwada a gida, idon da aka horar ne yake bambance farin da ke da ma'ana da wanda ba shi da ita. Amfaninsa a nan take ake sanin sakamako. Rauninsa ya dogara da idon mai dubawa, yana iya tsallake wani, yana iya ganin fari inda ba matsala, shi ya sa ake maimaitawa duk shekara uku. Kuma ga wadda al'adarta ta ɗauke bai cika amfani ba, domin wurin da ake dubawa yakan janye ciki. Su Hajiya gara a yi musu na shafowa a kai ɗakin gwaji, wato Pap, ko kuma gwajin ƙwayar HPV kanta. Wannan na ƙarshen ya fi duka kamawa, in ya fito babu sai bayan shekara 5 zuwa 10, har ma a wasu wuraren mace ake ba tsinken auduga ta shafo da kanta. Sai dai ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samu ba.

Maman Biyu: In kuma aka ga farin fa? Shi ke nan an cire mahaifa?

Sista: A'a. Bari in ba ki misalin wata da na bi lamarinta, shekararta 36, 'ya'ya huɗu, ta rako ƙanwarta tsarin iyali muka lallashe ta. Aka ga fari ɗan ƙarami a gefe ɗaya, duk iyakarsa ana gani, bai shige ciki ba. Tana jin an ce an ga wani abu ta fashe da kuka, ta fara wasiyya. Sai da muka zaunar da ita muka ce wannan ba sankara ba ce, abin da zai iya zama ita ne nan da shekaru in an bar shi. A ranar aka ɗora mata kan wata 'yar na'ura mai zafin digiri 100, daƙiƙa 20 zuwa 30, ba allurar barci. Ta ce kamar murɗawar mara ta al'ada. Muka gaya mata za ta ga ruwa yana zuba har wajen sati huɗu, kada ta ɗauka sanyi ne ta je kemis, kuma ba kusantar miji sati huɗu sai wurin ya warke. In ta ga zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko wari, ta dawo da sauri. Bayan shekara ta dawo aka duba, fes. Ta sake haihuwa ma bayan nan. Da tabon ya yi faɗi ko ya shige cikin bakin, da sai a tura ta babban asibiti a yanke wannan ɗan wurin da wata waya mai lantarki, mahaifar tana nan. In kuma abin ya yi kama da sankara, nan ne ake ɗiban ɗan nama a auna, wataƙila shi kika ji labari.

Inda muke asarar mata shi ne sati huɗun nan da kuma dawowa. Wata ba ta gaya wa maigida ba ta zo, to ta yaya za ta ce masa ya yi haƙurin wata guda? Wata kuma an tura ta Shika, ta ji sunan kawai ta ce ai wurin masu sankara ne, ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin katifa.

Anti Ladi Samaru: Yawwa, ga inda nake so a zo. Duk wannan jawabin mata za a yi wa, kuɗin mota da izini kuma a hannun maza suke. Ga rabon kwana. Wadda aka ce ta yi sati huɗu, a gidan mata uku, kowa ya san an yi mata wani abu.

Malama: Wannan gaskiya ne. Zan yi wa maigidana magana ko limamin unguwar zai taɓo shi bayan sallar asuba, ko da a dunƙule. Ban yi alkawarin zai yarda ba.

Ummu Sadik: Ku yi haƙuri in katse ku. Sista, ni wajen wata huɗu ke nan ina ganin ɗan jini bayan mun sadu, ba kullum ba. Ba ciwo. Shekarata 33. Na sha maganin sanyi sau biyu. Tun da Hajiya ta yi magana jikina ya mutu.

Sista: Ummu Sadik, kin kyauta da kika faɗa. Kada ki yanke wa kanki hukunci. Abubuwa da yawa suna kawo wannan waɗanda ba sankara ba: ɗan tsiro marar illa a bakin mahaifa, ciwon sanyi na gaske da bai samu maganin da ya dace ba, ko laushin fatar wurin, wanda yakan faru ga masu shan ƙwayar tsarin iyali. Amma ba mai iya rarrabewa ta waya, ni ma ban iya ba. Ki bar shan magani haka nan, ki je asibitin mata a wannan satin, ko Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko Shika, wanda ya fi miki kusa. Ki faɗa musu da bakinki jini kike gani bayan saduwa wata huɗu, kina so a duba bakin mahaifa da ido. Kada ki ce sanyi kawai, za a iya rubuta miki magani ki dawo ba a duba ba.

Ummu Sadik: Abban Sadik yana Legas sai ƙarshen wata. Ban san yadda zan faɗa masa a waya ba.

Hajiya Babba: Ki ce masa za ki ga likitan mata, Hajiya za ta raka ki. In ya so ki ba ni shi mu gaisa. Kada ki jira ƙarshen wata, 'yata.

Amaryar Kongo: Tambaya ɗaya Sista. Allurar HPV da aka yi wa ƙannena a makaranta, in su Ummu Sadik suka yi ba za ta kashe ƙwayar ba?

Sista: Ba ta kashe wadda ta riga ta shiga, rigakafi ce, shi ya sa ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kafin aure. Najeriya ta fara a watan Oktoba 2023, mu nan Jihar Kaduna ta iso mu a zagaye na biyu a 2024, allura ɗaya ce kuma kyauta. Tana tare nau'in ƙwayar na 16 da na 18, waɗanda su ke kawo wajen kashi 70 cikin ɗari na wannan sankarar. Saura 30 ɗin ne ya sa ko wadda aka yi wa, in ta kai shekarun gwaji sai ta yi. Maman Ilham, ki shirya, za a ce miki tana hana haihuwa. Ba ta hanawa, wasu ƙasashe suna yin ta tun 2006. Amma kada ki bari wannan gardamar ta cinye miki minti 20 ɗinki, ki bar ta ƙarshe.

Maman Ilham: To ga yadda na tsara. Zan buɗe da labarin Hajiya, in bi da shekara 15 zuwa 20 ɗin nan da ba a jin komai, in ba da labarin nawa gwajin, sannan matar da aka ƙona wa tabo ta sake haihuwa. Lissafi ɗaya kawai zan faɗa, wanda Sista ta taɓa turo mana, cewa a 2020 mata wajen 12,000 aka samu da ciwon a Najeriya, wajen 8,000 suka rasu. Maganar saduwa zan faɗe ta da lafazin Malama, jimla biyu, in wuce.

Anti Ladi Samaru: Ni da kin bar ta sai an tambaya. Amma taronki ne. Ki dai duba fuskar mutanen gidan nan uku lokacin da kike faɗa, ki zo ki ba mu labari.

Sista: Abu ɗaya ya rage. Kafin Asabar ki je asibitin da za ki tura su, ki tambayo ranar da suke yi, ƙarfe nawa, nawa ne kuɗin kati da na gwaji, kuma mace ce take dubawa ko namiji. Kada ki faɗi farashi daga ka, yana canzawa. Ki gaya musu kada su zo suna cikin al'ada, mai ciki kuma ta faɗa kafin a fara. In kin samu goma da suka yarda, ku sa rana ku tafi tare.

Maman Ilham: Gobe in an tashi makaranta zan biya. Ummu Sadik, na yi miki magana ta gefe, ki duba.

Hajiya Babba: Ta duba ta kira ni. Laraba ina da asibitin hawan jini, mota ɗaya za mu shiga.